Karan Awon Hashimu

Uwaisu bai shiga ba. Ya kafe mashin a gindin darbejiya, ya je ya jingina da bangon ɗakin awo, kusa da taga, kamar mai jiran wani. Ciki mata ne maƙil, kowacce da goyo. Ranar Talata namiji ba ya shiga asibitin ƙauyen nan sai in ciwo ya kai shi.

Surukarsa ya kawo, Inna Kaltume, da ɗansa Hashimu. Wata guda ke nan da aka yaye yaron, aka kai shi wajenta kamar yadda aka saba, don ya manta da nono. Shi ya sa awon yau ita ce mai kai shi.

Bai ga abin da ake yi a ciki ba. Kunnensa ne ke aiki. Ya san yadda suke: Malama Rukayya, ma'aikaciyar lafiya, ta faɗi lamba da ƙarfi, mai rubutu ta maimaita.

"Hashimu Uwaisu. Kilo goma."

Wancan watan ma goma ne.

"Tsaya mana, maigida, kai da ka girma. Yauwa. Tsawo, santimita tamanin da biyu, ɗigo uku."

"Tamanin da biyu, ɗigo uku."

Ya ɗago daga jikin bangon. Wancan watan, ana gobe za a yaye yaron, a wannan tagar ya tsaya, da wannan kunnen ya ji. Tamanin da biyu, ɗigo shida. Bai rubuta ba, amma bai manta ba.

Yaro ya ƙi tsawo, wannan an sani. Amma ya ragu?

Inna Kaltume ta fito tana gyara mayafi, yaron na riƙe da yatsanta.

"Yau angona ya zama babba," ta ce, ba tare da ta dubi Uwaisu ba. "Tsayar da shi suka yi jikin katako kamar mai shirin zuwa soja. Ko kuka bai yi ba."

"Madalla, Inna."

Ya leƙa ta ƙofa. Malama Rukayya na durƙushe, wata jaririya na tsala ihu, layi har waje. Ya buga mashin. Ya sauke su a ƙofar gidan Inna, ya juyo gida.

Mutum ne gajere, Uwaisu. A makaranta Guntu ake ce masa, ya saba. Abin da bai saba da shi ba shi ne ranar da ya je Kano neman aikin ɗamara, da takardun sakandarensa a leda. Ya yi gudu, ya wuce. Ya yi rubutu, ya wuce. Sai aka jera su jikin wani ƙarfe, aka sauko da abu a kansa, mutumin ya ce ya koma gefe. Kaurin yatsa ne ya rage masa. Ya dawo gida ya ɗauki fartanya.

Da daminar bara Hashimu ya yi zawo mai tsanani, tamowa ta so kama shi. Malama Rukayya ta ce nauyi yana dawowa da wuri, amma tsawon da yaro ya rasa a shekarun farko da wuya ya cika shi daga baya. Tahira, matarsa, ta ji ta ce Allah ya kyauta. Shi kuwa maganar ta zauna masa a ƙirji. Abokai na tsokanarsa, wai ba shi da kunyar ɗan fari, kullum yana bin awo kamar mai jego.

Ya tarar da Tahira tana sussukar gero a tsakar gida.

"Yaron ya ragu."

"Wane yaron?"

"Kin sani."

Ta ajiye taɓarya. "Ramewa ya yi?"

"Tsawonsa ya ragu."

Ta yi dariya, ta ga bai yi ba, ta daina. "Mutum ne ko atamfa, da zai shiga ruwa ya tsuke?"

"Da kunnena na ji. Yana hannunki, shida. Yana hannun Inna, uku."

"To me kake nufi?"

"Ban ce komai ba."

"Ka ce." Muryarta ta sauko. "Uwata ce ke hana shi abinci?"

"Tsohuwa ce. Ita kaɗai ce. Ga daddawar da take yi. Koko da safe, tuwo da dare. Mai yiwuwa bai isa ba."

"Da shi ta raine mu."

Ya dube ta. Ita ma ba doguwa ba ce. Ta gane abin da idonsa ya faɗa, ta ɗauki taɓaryar.

"Zan ɗauko shi," ya ce.

"Ɗan yaye ba a ɗauko shi. Wadda aka kai wa ita ke dawo da shi, ran da ta ga ya yi. Ka je ka ɗauko shi, duk garin ya ji an ƙwace jika a hannun Kaltume don tana barin sa da yunwa. Wallahi ba za ta ƙara taka gidan nan ba. Ni kuma ban san da wace fuska zan zauna a cikinsa ba."

Ta ci gaba da sussuka. Kowane bugu kamar da shi take.

Washegari ya tafi yankan dawa. Ya yi kunya biyu ya tsaya. Ya zauna, ya tashi. Wataƙila kunnensa ne. Wataƙila mai rubutun ce ta yi kuskure. Ya aje lauje ya nufi shagon Nababa tela.

"Ara min tef ɗinka."

Nababa bai ɗago daga keke ba. "Tef ɗaya gare ni, yana wuyana, kayan biki nake. Me za ka auna? Ko ka ƙara tsawo ne, Guntu, za ka koma Kano?"

"Bar shi."

"Auno da igiya ko wani abu ka kawo, in ɗora maka a tef. Sai fushi kamar kububuwa."

Da azahar ya ɗaura damin gero a bayan mashin, ya kama hanyar garin su Tahira, ta ɓangaren Bagwai. Gonaki haɗe da juna, babu inda ƙasa ta huta. An yanke dawa, kara kwance ko'ina, wasu an tara su jingim a gindin kuka.

Ya yi sallama a zaure, ya cire takalmi, ya durƙusa daga nesa.

"Ga ɗan gero, Inna."

"An gode, Allah ya yi albarka. Jiya fa kuka rabu, har kewa ta kama ka?" Ta yi murmushi. "Ya yi barci yanzun nan. Zauna in karɓo rariyata a maƙwabta."

Ta fita. Gidan ya yi shiru, sai kaji.

Hashimu na kwance a tabarma, a inuwar rumfa, bakinsa a buɗe, hannu ɗaya a kan ciki. Uwaisu ya tsaya a kansa. Ƙafafun sun yi masa sirara. Ko dai da ma haka suke? Ya duba aljihu, ba igiya. Ya waiga. Ga tarin kara jikin danga.

Bai yi tunani ba. Ya zaro guda miƙaƙƙe, ya zage ganyen, ya durƙusa. Ya shimfiɗa shi a gefen yaron, ya daidaita gindin karan da kan yaron, ya ɗan ja ƙafar. Yaron ya motsa, ya naɗe ta. Ya sake ja a hankali. Ya sa babban yatsa daidai diddige, ya ciro wuƙa ya yanke.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Rariya ta faɗi ƙasa ta gangara. Inna Kaltume na tsaye bakin ƙofa, hannu biyu a ka. Ta ruga ta fizge yaron, ta manna shi a ƙirji, ta sa kunne a bakinsa. Hashimu ya farka ya fashe da kuka.

A lokacin Uwaisu ya dubi abin da ke hannunsa. Ya sha ganin irin karan nan. Shi ake yankowa a auna mamaci, a ba masu haƙa su tafi da shi maƙabarta. Shi kansa ya taɓa kai shi.

"Inna, ba haka..."

"Da ransa? Yaro da ransa, a gidana, ka auna shi da kara? A nan, a wannan rumfar aka auna min Iliyasu. Yayan matarka. Ka sani ko ba ka sani ba?"

Ya sani. Ya sunkuyar da kai.

"Me ya yi maka?"

Da ya yi shiru da ya fi. Amma bai iya ƙarya ba.

"A asibiti... tsawonsa ya ragu. Tun da aka kawo shi. Na ce in duba."

Ta daɗe tana kallonsa. Karo na farko ke nan da ta dube shi ido da ido tun da ya auri 'yarta.

"Tun da aka kawo shi," ta maimaita. "To. Na ji."

"Inna, ki yi haƙuri."

"Gobe da hantsi ka zo. Zan haɗa masa kayansa. Hannun da ya ba ni shi, shi zan mayar wa. Ɗauki geronka."

Bai ɗauka ba. Karan ne ya samu a hannunsa har ya hau mashin, bai san ya fito da shi ba.

Ya so ya jefar a hanya. Bai jefar ba. Abin kunyar an riga an yi, ko lambar ya sani. Ya tsaya shagon Nababa ya miƙa masa. Tela ya ja baya da kujerarsa.

"Subhanallahi. Wa ya rasu?"

"Babu. Auna."

Nababa ya ɗora tef da yatsu biyu, kamar abin zai cije shi. "Tamanin da ɗaya. Kai, Uwaisu, lafiyarka kuwa?"

Tamanin da ɗaya. Shida, uku, yanzu kuma har an sauka daga biyun gaba ɗaya. Ya karɓi karan ya fita.

Labari ya riga shi gida. Tahira ta aje masa tuwo ta shige ɗaki. Bai ci ba, ba ta tambaya ba.

Da sassafe ya je asibitin. Ba ranar awo ba ce, ba kowa sai Malama Rukayya tana jera magunguna. Mace ce mai jiki, ta haura arba'in, gilashinta a saman hanci. Ya gaishe ta, ya aje karan a tebur, ya faɗa mata lambobin uku a jere.

Ta dubi karan. "Cire min wannan daga tebur tukuna."

Ya sauke shi ƙasa.

"Yana barci ka auna?"

"E."

"Gwiwarsa a miƙe?"

"Yana naɗewa."

"Kansa a gefe, ƙafa a lanƙwashe, kai kaɗai, da kara. Wannan ba awo ba ne, Malam Uwaisu, neman magana ne." Ta gyara gilashi. "Yaushe ya cika shekara biyu?"

"Makon jiya."

"To shi ya sa na tsayar da shi. Wancan watan a kwance na auna shi. Ba ka gani ba?"

"A waje nake tsayawa. Kuma tsawo ai tsawo ne. Ko a kwance ko a tsaye mutum ɗaya ne."

"Mutum ɗaya ne, awo biyu ne."

Ta fara yi masa bayani. Yana ji, fuskarsa ba ta saki ba. An taɓa yi masa bayani mai daɗi a Kano ma, kafin a ce ya koma gefe. Ta lura.

"Ba ka yarda ba. Kawo shi. Ka zo da kakar, don ita ma na ji abin da aka yi mata. Garin nan ba ya riƙe magana."

Ya tarar Inna Kaltume ta shirya. Ƙullin kayan yaron a hannu, har da ɗan kofinsa na roba. An yi masa wanka, an sa masa kwalli da hula. Ba ta amsa gaisuwar da kyau ba. Ta hau bayan mashin, yaron da ƙullin a tsakaninsu.

A mararraba, gida na hagu. Ya karya dama.

"Ina za ka kai mu?"

"Inna, don Allah. Asibiti. Yanzu za mu fito."

"Wani awon? Bai ishe ka ba?"

Ya ƙara wa mashin wuta.

Malama Rukayya ta tarbe ta a bakin ƙofa, har da rusunawa. "Sannu da zuwa, Inna. Ni na sa ya kawo ku. Rabin rigimar nan tawa ce, da na buɗe baki ranar Talata na ce an sauya awo, da ba a kai nan ba. Shigo. Kai ma shigo, yau ba taga."

Allon awon na jingine da bango, katako mai tsawo da lambobi a gefe, da wani ɗan katako mai zamewa sama da ƙasa. Ta cire wa Hashimu hula da takalmi, ta tsayar da shi a kai.

"Malam Uwaisu, durƙusa. Hannu ɗaya a gwiwoyinsa, ɗaya a ƙwaurinsa. Diddige ya taɓa katako. Sha-raɓa, mazaunai, kafaɗa, ƙeya, duk su taɓa."

Ya yi. Ya ji ƙasusuwan yaron a tafinsa, ƙanana, da ɗumi. Ta ɗan danna cikin, ta riƙe haɓarsa don ya dubi gaba sosai, ta sauko da katakon har ya zauna a kansa.

"Karanta da kanka."

"Tamanin da biyu... ɗigo uku."

"Kamar ran Talata. To."

Ta janye allon daga bango ta kwantar da shi a kan tebur. Ta ɗauki yaron.

Inna Kaltume ta miƙe. "A'a. Ba za a shimfiɗe min shi a katako ba. Jiya kara, yau makara?"

Ba ta taɓa ganin an yi masa awon kwance ba. Tahira ce ke kawo shi a da.

"Inna, tun yana jariri haka muke masa. Duk goyon da kika gani ran Talata haka aka yi musu. Kuma ba ya yiwuwa sai da mutum biyu, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa. Wanda yaro ya fi yarda da shi, shi ke riƙe kai. In ubansa ne, to."

Hashimu ya riga ya gane abin da ake shirya masa. Ya miƙa hannu, ba wajen uban ba.

"Inna! Inna!"

Tsohuwar ta tsaya. Ta dubi yaron, ta dubi katakon. Ta aje ƙullin kaya a benci.

"Nuna min."

"Ki tsaya ta bayan kansa. Tafi biyu a kunnuwansa. Tsakiyar kansa ta taɓa wannan katakon da ba ya motsi. Idonsa ya dubi sama, ya dube ki."

Aka kwantar da shi. Ya tsandara ihu, ya banƙare, ya kai wa Malama Rukayya shuri a hannu har gilashinta ya zame.

"Kai! Inna, wannan ne kike ce wa makara? Ki ga ƙarfi!"

Wani abu ya motsa a bakin tsohuwar, ta danne shi. Ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa nasa. "Yi shiru, maigida. Yi shiru, angon Kaltume. Ni ce. Wa zai taɓa ka ina nan?"

Kukan ya koma shessheƙa. Malama Rukayya ta danna gwiwoyin a hankali da hannu ɗaya har suka miƙe, ta turo katako mai zamewa da ɗayan, ya haɗu da tafin ƙafafun, yatsu na kallon sama.

"Karanta, da sauri."

Uwaisu ya sunkuya. Ya karanta, ya sake karantawa.

"Tamanin da uku."

"Cif?"

"Cif."

Inna Kaltume ta sure yaron ta saɓa a kafaɗa.

"Yaro ɗaya, allo ɗaya, ko ruwa bai sha ba a tsakani," in ji Malama Rukayya. "A kwance wancan watan tamanin da biyu da shida, a kwance yau tamanin da uku. Wannan shi ake gwadawa da wannan. Ya ƙaru. Kai ka ɗauki na kwance ka gwada da na tsaye."

"Me ya cinye sauran?"

"Nauyinsa. In mutum ya tsaya, jikinsa na danne ƙashin bayansa, ya ɗan taƙure. In ya kwanta ya saki. A yara bambancin wajen ɗigo bakwai ne. Har layukan da ke jikin katinsu an yi su da sanin haka, daidai shekara biyu suna ɗan sauka."

"To me ya sa ba a tsayar da su tun farko?"

"Ka taɓa tsayar da ɗan shekara ɗaya ka ce kada ya motsa? Ƙafa a gwame, gwiwa a lanƙwashe, ciki a gaba, ga shi yana neman faɗuwa. Yau ka samu wannan lamba, gobe wata. A kwance ne kaɗai za a miƙe shi. In ya kai shekara biyu, ƙafa ta yi ƙwari, yana jin magana, sai a koma tsaye, don haka za a auna shi har tsufansa. In ya kai biyun amma ciwo ya hana shi tsayuwa, mu kwantar mu cire bakwai ɗin. In bai kai ba ya ƙi kwanciya, mu tsayar mu ƙara."

Uwaisu ya ce, kamar da kansa yake, "Da a kwance suka auna ni a Kano..."

Malama Rukayya ta kwashe da dariya. "Da ka wuce, wataƙila. Amma aikin a kwance za ka yi musu?"

Har Inna Kaltume sai da ta ja mayafi ta rufe baki.

"Kada dai ku tafi da daɗin baki kawai," ma'aikaciyar ta ce, ta daina dariyar. "Yaron ƙarami ne. Yana saman layi, amma ba da nisa ba, kuma ƙaruwar ba ta kai yadda nake so ba. Nauyinsa ma ya tsaya, ko da yake 'yan yaye sukan yi haka. Wake, gyaɗa a kunu, ƙwai in an samu, zogale a miya. Ba sau biyu a yini ba, kaɗan-kaɗan sau da yawa."

"Ƙwai kullum yake sha," in ji Inna Kaltume, tana kallon bango. "Kazata ɗaya mai yi, na hana ta kwanci saboda shi. Ba wanda ya tambaye ni."

Ta ɗauki ƙullin ta fita.

Uwaisu ya same ta a gindin darbejiya. Ya durƙusa a ƙasa, nan a fili, masu wucewa na kallo.

"Inna, na yi laifi."

"Wanne? Biyu ne."

"Duka."

"Na karan, wauta ce. Yaro ne kai, na bar wa Allah. Ɗayan..." Ta gyara goyon. "Kana da baki. Kullum kana durƙusa min, kana cire takalmi. Ka ce, Inna me yaron nan ke ci? Ya fi ƙarfinka? Sai ka zauna da abu a ciki yana cin ka, har ka zo ka yanka min kara a gida."

Bai ɗago ba.

"Ina karan?"

Ya koma ciki ya ɗauko shi daga ƙarƙashin tebur. Ta karɓa, ta sa a gwiwa ta karya biyu, ta sake karyawa, ta cusa a ƙullin kayan.

"Da shi zan hura wutar kununsa. Tashi."

Suka hau. Ta sauke yaron ta sa shi a tsakaninsu. Hashimu ya kama rigar uban ta baya yana ja. Gonaki na wucewa, mata na kalar wake a inda aka yanke dawa. Mararraba ta matso. Hanya ɗaya gidansa, inda Tahira ke jira ta ga ko uwarta za ta sauke mata ɗa a ƙofa ta juya. Ɗayar garin Inna.

Ya rage gudu. Ya tsaya cak, ƙafa ɗaya a ƙasa, injin na kaɗawa.

"Inna, ina muka nufa?"

"Au, yau ka iya tambaya?"

Ya jira.

"Mayar da mu gidana. Bai gama manta nono ba, in na kai shi yanzu aikin ya lalace. Geron nan ka zo ka sussuke shi da kanka, ni ba zan taɓa ba. Ka taho da wake. Kuma ka ce wa matarka ta zo ta gaishe ni, ba da ita nake ba."

"To, Inna."

"Ran awo kuma, ciki za ka shiga ka riƙe masa gwiwa. In matan sun yi maka dariya, kai ka ja."

Ya karya kan mashin. Da suka hau hanyar, ya samu kansa yana lissafi: in wata mai zuwa a tsaye aka ce tamanin da uku, to ya yi, in aka ce biyu da biyar fa? Ya girgiza kai, ya ƙara wuta. Lissafin bai tafi ba.